Yadda Jirgin Sama Yake Gano Titinsa Cikin Hazo

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza ta a kan Maiduguri da Kano da Damagaram da Yamai, wani lokaci har Legas da Akara. Ranar da hazon ya yi kauri, ido ba ya hangen abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. Direban mota yana da mafita, domin zai rage gudu, in abin ya faskara ya gangara gefen hanya ya jira. Matuƙin jirgin sama ba shi da gefen da zai tsaya. Babban jirgin fasinja yakan tunkari ƙasa da gudun kusan kilomita 260 a awa, wato yana cin mita 70 da ɗoriya a kowane sakan, kuma dole ya ɗora tayoyinsa a kan titin da galibi faɗinsa bai wuce mita 45 ba. Titin kuwa ba ya ganinsa.

Abin da yake yi masa jagora a wannan hali shi ne tsarin saukar jirgi da na'ura, wanda ake rubuta sunansa ILS a allon matuƙi da taswirar sauka. Ba sabon abu ba ne. Tun ranar 26 ga Janairun 1938 wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 247 da ya taso daga Washington ya sauka da irinsa a Pittsburgh ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara, kuma a 1949 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da shi a matsayin tsarin da ƙasashe za su bi. Mutane da yawa suna zaton hasumiya ce take janyo jirgin, ko kuma tauraron ɗan Adam ne yake nuna masa hanya. Ba ko ɗaya. Eriya biyu ne a ƙasa suke watsa sigina ba dare ba rana, ba su ma san ko akwai jirgi a sama ko babu ba. Jirgin ne yake saurare, ya auna, ya gyara tafiyarsa.

Eriya ta farko tana can bayan ƙarshen titin, kimanin mita 300 daga inda kwalta ta ƙare, tana fuskantar jirgin da ke tahowa. Wanda ya taɓa leƙawa ta tagar jirgi zai iya tuna wasu ƙarafa da aka jera a layi kamar shinge, galibi da fenti ja ko ruwan lemo. Sunanta lokalaiza, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta gaya wa jirgi ko yana hagu da tsakiyar titi, ko yana dama, ko yana daidai. Tana watsawa a zangon megahaz 108 zuwa 112, wato dab da saman zangon da gidajen rediyon FM suke amfani da shi.

Dabarar da ke ciki tana da sauƙi ƙwarai, kuma wanda ya gane ta ya gane tsarin gaba ɗaya. A kan sigina ɗaya ake ɗora amo iri biyu, ɗaya mai kaɗawa sau 90 a sakan, ɗaya kuma sau 150. An tsara jerin eriyar ta yadda amon 90 zai rinjaya a hannun hagun jirgin da ke tahowa, amon 150 kuma ya rinjaya a hannun damansa. A kan layi ɗaya kaɗai suke yin kunnen doki, wato layin da ya ratsa tsakiyar titin ya miƙe zuwa sararin sama. Mai karatu ya ƙaddara yana tafiya cikin duhu, mai ganga yana kiɗa ta hagunsa, mai kalangu ta damansa. In ganga ta danne kalangu, ya san ya karkata hagu, sai ya koma dama har ƙarar biyun ta zo daidai a kunnensa. Abin da rediyon jirgi yake yi ke nan, sai dai shi da lissafi yake yi. Yana tace amon biyu, ya gwada su, ya tura bambancin zuwa wata allura ko 'yar alama a allon matuƙi. In alamar ta goce dama, titin yana dama, can za a bi ta.

Hikimar wannan tsari ita ce jirgin ba ƙarfin siginar yake aunawa ba, rinjayen wani amo a kan wani yake dubawa. Ko yana nesa siginar ta raunana, ko yana kusa ta yi ƙarfi, tsakiya tana nan a tsakiya. Ana iya kama lokalaiza tun daga mil 25 na teku, kusan kilomita 46, in jirgin yana kusa da layin. Kuma da yake hanyar tana tsukewa ne yayin da ake matsowa, kamar bakin mazurari, alamar tana ƙara tsanani. Kaucewar da ba za ta motsa ta sosai ba a mil 10, a bakin titi sai ta wurga ta gefe. A daidai farkon titi, faɗin hanyar duka, daga iyakar hagu zuwa iyakar dama, kimanin mita 210 ne.

Eriya ta biyu ita ce ta gangara, wadda ake nuna ta da G/S a allon matuƙi. Wani dogon ƙarfe ne a tsaye a gefen titi, wajen mita 300 daga farkonsa, kusa da inda tayoyi suke taɓa ƙasa. Ita ma da amon 90 da 150 take aiki, amma a tsaye: 90 ya rinjaya a sama da hanya, 150 a ƙasa da ita. Inda suka daidaita shi ne wani layi da ya tashi daga titi zuwa sama da karkatar digiri 3 a yawancin filaye. Zangonta na wajen megahaz 329 zuwa 335 ne, amma matuƙi ba ya wahalar nemansa, domin an haɗa kowane zangon lokalaiza da abokinsa. In ya sa 110.30, rediyon da kansa zai kamo 335.00.

Akwai wani abu game da wannan eriya da ya kamata a riƙe, don zai dawo nan gaba. Yawancin irinta da ƙasar da ke gabanta suke aiki. Wani ɓangaren siginar yana tafiya kai tsaye zuwa jirgi, wani kuma yana dukan ƙasa ya tashi, haɗuwarsu ce take fitar da layin digiri 3. Shi ya sa ake baje filin da ke gabanta a daidaita shi, ake yanke ciyawarsa, ake hana ruwa kwanciya a wurin. Kuma wannan haɗuwar ba layi ɗaya take haifarwa ba. A can sama akwai wasu layukan na bogi, wanda aka fi sani yana wajen digiri 9.

Yanzu a bi jirgi ɗaya zuwa ƙasa. Tun yana nesa matuƙan biyu sun buɗe taswirar sauka, sun sa zango, sun tabbatar da sunan tashar. Kowace lokalaiza tana aika sunanta da harufan Mos, sau da yawa suna farawa da harafin I, kuma in masu gyara suna aiki a kanta sukan cire sunan don kada kowa ya dogara da ita. Jami'in da ke kula da zirga-zirga ya juyo da jirgin ya tunkari layin tsakiya a karkace, da kusurwar kamar digiri 30, yana ƙafa 3,000 sama da filin, mil 12 ko 13 daga titi. Matuƙi ya danna maɓallin APP. Alamar hagu da dama ta fara motsowa daga gefe, jirgin ya kwanta ya hau layin, allo ya nuna LOC.

Daga nan jirgin ba ya sauka tukuna. Yana ci gaba a miƙe a ƙafa 3,000, da gangan, don ya shiga layin gangara ta ƙarƙashinsa. Alamar gangara tana can saman ma'auni, tana saukowa sannu a hankali, kuma a wajen mil 9 da rabi sai ta iso tsakiya. Allo ya nuna G/S, hancin jirgi ya ɗan sunkuya, an rage wuta, a hankali aka sauke tayoyi aka buɗe fukafukan rage gudu.

Digiri 3 yana nufin jirgi yana sauka kimanin mita 52 a kowace kilomita, ko ƙafa 300 da 'yan kai a kowane mil na teku. Matuƙa suna da lissafin ka da suke yi: su ninka gudun jirgi a kan ƙasa sau biyar. Jirgin da ke gudun mil 140 a awa zai riƙa sauka wajen ƙafa 700 a minti. Akwai kuma wata na'ura, DME, da ke faɗin saura mil nawa a kai. Da waɗannan biyu matuƙi yake binciken gaskiyar alamar da ke gabansa. A mil 5 ya kamata a ce yana wajen ƙafa 1,600 sama da titi, a mil 3 wajen ƙafa 1,000. In alama ta ce komai daidai ne amma tsayi da nisa ba su yarda da ita ba, to akwai matsala, kuma ba a cikin hazo ake tsayawa warware ta ba. A da, wasu ƙananan tashoshi da aka dasa a ƙarƙashin hanyar ne suke wannan aiki. In jirgi ya bi ta kansu sai fitila shuɗiya ko ruwan ɗorawa ta kama walƙiya a gaban matuƙi, da ƙara a kunnensa. A filaye da yawa DME ta maye gurbinsu.

Duk wannan lokaci ɗaya daga cikin matuƙan yana tuƙi ko yana lura da na'urar tuƙi, ɗayan yana kiran tsayi yana duban waje. A wajen babu komai sai fari ko jan ƙura. Hazo yana da wata yaudara ma: mutum yakan ga rufin gidaje a ƙarƙashinsa sarai, amma in ya dubi gaba a karkace, inda ƙurar ta fi yawa tsakaninsa da abin da yake nema, ba ya ganin komai.

Sai a zo ga wurin da ya fi ko'ina muhimmanci, wato tsayin yanke shawara. A rukuni na ɗaya, wanda shi ne aka fi samu, ba a yarda jirgi ya wuce ƙafa 200, mita 60 ke nan, sama da titi ba sai matuƙi ya ga fitilun sauka ko titin da idonsa. A filin da yake kan tudu kamar na Malam Aminu Kano, wanda ya kai wajen ƙafa 1,560 sama da teku, ƙafa 200 ɗin za ta bayyana a ma'aunin tsayi a matsayin kusan 1,760. Ana kuma buƙatar a iya hangen aƙalla mita 550 a tsawon titin, kuma na'urori ne da ke gefen titi suke auna wannan, hasumiya ta karanta wa matuƙi.

A duba lissafin da kyau. Layin gangara yana ratsa farkon titi a tsayin ƙafa 50. Saboda haka jirgin da ke ƙafa 200 yana da sauran kusan mita 870 kafin ya kai kwalta. In mita 550 kaɗai ake gani, titin kansa bai bayyana ba tukuna. Wannan ne dalilin dogon jerin fitilun nan masu ƙarfi da ake kafawa kafin titi, waɗanda sukan kai tsawon mita 900. Su ne suke fara huda hazon, su nuna wa matuƙi tsakiya, su kuma nuna masa ko fukafukansa a daidaice suke. Daga nan zuwa taɓa ƙasa bai fi sakan 20 ba. In an kai ƙafa 200 babu fitila ko ɗaya, babu jira, babu leƙe. A ba injin wuta, a ɗaga hanci, a bi hanyar tashi da aka riga aka zana a taswira.

Rukuni na biyu yana saukar da iyakar zuwa ƙafa 100 da hangen mita 300. Na uku yana yin ƙasa da haka, har a wasu lokuta a sauka ana ganin ƙasa da mita 100. A nan na'urar tuƙi ce take saukar da jirgin. Jiragen da ke yin haka suna da kwamfutocin tuƙi biyu ko uku da ke duba juna. A 'yan ƙafafun ƙarshe ba a dogara da siginar gangara, sai wani ma'aunin tsayi mai aika siginar rediyo ƙasa ta dawo, shi yake gaya wa jirgin lokacin ɗaga hanci don ya taɓa ƙasa a hankali. Lokalaiza kuma ta ci gaba da riƙe shi a tsakiyar titi har ya rage gudu. Amma sayen na'urar rukuni na uku kaɗai ba ya mayar da fili na rukuni na uku. Sai an haɗa da fitilun tsakiyar titi da na wurin taɓawa, da wutar lantarki ta ko-ta-kwana mai karɓa nan take, da jirgin da aka amince wa, da matuƙan da aka horar. Sai kuma jirgin awo na musamman ya riƙa zuwa lokaci lokaci yana bin siginar yana tabbatar da ita. In ɗaya ya ɓace, iyakar ta koma sama. Hazon watan Fabrairun 2020 ya sa jiragen ƙasashen waje da dama da suka nufi Legas sun ƙare a Akara.

Siginar kanta tana da rauni ɗaya babba: ƙarfe yana karkatar da ita. Babbar mota, ko jelar jirgi, ko ginin ajiye jirage na iya mayar da siginar ta wata fuska ta lanƙwasa layin. Shi ya sa in gari ya rufe ake tsayar da jirage nesa da titi fiye da kullum, ake kuma ƙara tazara tsakanin masu sauka, abin da yake jawo jinkirin da fasinjoji suke ƙorafi a kai. A ranar 3 ga Nuwamban 2011, wani Boeing 777 na kamfanin jiragen Singafo yana sauka da na'ura a Munich, a yanayin da ba a kafa waɗannan matakan kariya ba, kuma hasumiya ba ta san da na'ura zai sauka ba. Wani jirgi da ya tashi a gabansa ya gitta tsakaninsa da eriyar lokalaiza. Siginar ta lanƙwashe a daidai lokacin taɓa ƙasa, jirgin ya bi ta ya sauka daga kwalta ya shiga ciyawa. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni. Na'urorin da ke sa ido a ƙasa suna kashe lokalaiza cikin sakan 10 a rukuni na ɗaya, sakan 2 a na uku, in ita ce ta lalace. Abin da ya gitta ya karkatar da sigina a hanya kuwa, aikin jami'an hasumiya ne su hana shi.

Layin bogin nan da aka ambata shi ne ya shiga cikin musibar da ta auku a Bishkek, babban birnin Kirgistan, da safiyar 16 ga Janairun 2017. Wani jirgin kaya ƙirar Boeing 747 na kamfanin ACT na Turkiyya ya taso daga Hong Kong zai yada zango a filin Manas, gari kuwa ya rufe da hazo mai sanyi. Matuƙan sun makara wajen saukowa, sai suka iso kusa da filin suna sama da inda ya kamata. Sun hau layin tsakiya daidai. Amma kafin su sauko zuwa tsayin da ake kama gangara, sun riga sun wuce wurin kamun. Layin digiri 3 ya zama yana ƙarƙashinsu, yana ƙara nisa da su, su kuwa suna tafiya a miƙe suna jiran alamar da ba za ta zo ba.

Dab da filin sai jirgin ya ratsa layin digiri 9, na'urar tuƙi ta kama shi, ta fara sauka. Da siginar ta rikice mata, sai ta ci gaba da saukowa da karkatar kusan digiri 3 bisa lissafinta na ciki. A jiki saukar ta yi kama da ta kullum, alhali an fara ta a wurin da ba zai yiwu ta ƙare a kan titi ba. Gargaɗi ya zo. Allo ya sauya daga LAND 3 zuwa LAND 2, ƙararrawa ta yi ƙara, kuma nisan da na'ura take nunawa bai dace da tsayinsu ba ko kusa. Jirgin ya bi ta saman titin gaba ɗaya cikin hazo. Da suka kai iyakarsu ta wajen ƙafa 100 ba su ga fitila ba, an ɗan yi jinkiri kafin a ba da wuta, kuma jinkirin ya isa. Jirgin ya faɗi kusan kilomita ɗaya bayan ƙarshen titin, ya afka cikin ƙauyen Dacha-Suu. Mutum 39 suka rasu, huɗu ma'aikatan jirgin, 35 mutanen ƙauyen da suke cikin gidajensu.

Eriyoyin filin Manas ba su lalace ba a wannan safiya. Layin digiri 9 yana nan a kusan duk filin da ke da irin wannan eriya, shi ya sa ƙa'ida ta ce a kama gangara ta ƙasa, a tsayin da taswira ta faɗa, a nisan da ta faɗa. Jirgin da ya iso wurin kamu yana sama da hanya yana da halin ya nemi jami'i ya zagaya da shi ya sake shigowa, abin da ba zai ci fiye da 'yan mintoci da ɗan mai ba. A ganin marubucin nan, wannan ne ya sa bai kamata kamfani ko fasinja ya ɗauki fasa sauka a matsayin gazawar matuƙi ba.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana kana cikin jirgi kuna gangarowa cikin farin hazo, tayoyi sun fita, sai kawai ka ji injuna sun ɗauki ruri, kujera ta danne maka baya, jirgi ya koma sama, ka kwantar da hankalinka. Mafi yawan lokuta matuƙin ya kai tsayin da doka ta ce ya ga fitilu ne bai gan su ba, ko kuma lissafin nisa da tsayi bai yi masa daidai ba. Zai sake gwadawa in man da ke tankinsa da yanayin gari sun ba da hali, in ba su ba shi ba kuma ya nufi filin da aka tanada tun kafin ku tashi.